Leda Ta Iso, Kaya Ba Su Cika Ba

Mai babur ya tsaya a ƙofar gida ya buga waya, an tashi yaro ya je ya karɓo ledoji, an yi godiya, ya juya ya tafi. Sai bayan an idar da sallah uwargida ta zauna tana ciro kaya ɗaya bayan ɗaya, ta ga taliya uku maimakon biyar, man girkin ba irin wanda ta zaɓa ba ne, ƙwai kuma wasu sun fashe sun jiƙa gindin kiret. Kafin nan mai babur ya kai unguwa ta uku, manhaja ta riga ta rubuta cewa an kai kaya lafiya, kuɗi kuwa sun fita tun da rana. Da yawa a nan suke tsayawa, su yi tsaki, su ce Allah ya isa, gobe kuma su sake yin oda. Alhali kuɗin nan ana karɓo su, kuma yawanci ba da rigima ba. Sharaɗin kawai shi ne mutum ya san wanda zai riƙe, ya kuma zo da lissafi da hujja a hannu.

Sayen abinci da kayan cefane ta waya ya zauna da gindinsa a manyan biranenmu. A Legas da Abuja akwai manhajoji irin su Chowdeck da Glovo, waɗanda duka biyu suka fara aiki a Najeriya a 2021. A Kano da Kaduna da sauran garuruwan Arewa kuwa, abin da ya fi yawa shi ne ciniki kai tsaye da mai kanti ko mai girki ta WhatsApp da Instagram: a turo hoto da farashi, ka yi taransfa, a ba ɗan dilibari ya kawo. Ko ta wace hanya, ka biya kuɗin abin da idonka bai gani ba. Cinikin biri a sama ke nan, sai dai wannan birin an siffanta maka shi, kuma siffar nan ita ce haƙƙinka.

Ta hannun wa kayan suka bi

Kafin leda ta iso gare ka, ta bi ta hannu uku ko huɗu. Akwai manhajar da ta karɓi odarka da kuɗinka. Akwai kanti ko gidan abincin da kayan suke. Akwai ma'aikacin da ya bi kantoci yana tsinto kayan, ko wanda ya zuzzuba abinci a robobi ya ƙulle leda. Sannan akwai mai babur. Cikin su duka, mai babur kaɗai kake gani ido da ido, shi ya sa shi yake shan faɗan, kuma galibi shi ne mafi ƙarancin laifi. Ledar a ƙulle aka miƙa masa, wani lokaci har da sitika a bakinta, kuma an hana shi buɗewa. Bai san taliya nawa ne a ciki ba. Riƙe masa makullin babur ko hana shi tafiya zalunci ne, kuma ba zai dawo maka da ko kwabo ba, domin ba shi da ikon mayar da kuɗi. Abin da ke wuyansa shi ne abin da ya faru a hanya: miya ta zube, ƙwai sun fashe, sitika ta yage, ko ya haɗa odar mutum biyu ya ba ka ta wani.

Wanda za ka riƙe shi ne wanda ya karɓi kuɗinka. In a manhaja ka biya, ita za ka kai wa ƙorafi, ko da kuskuren na gidan abinci ne. Su za su sasanta tsakaninsu daga baya. In ka tsallake ta ka kira gidan abincin, amsar da za ka ji ita ce kuɗin ba su shigo hannunsu ba tukuna, kuma gaskiya suka faɗa. In kuwa asusun mai kanti ka tura wa kuɗi, to shi ne abokin maganarka, ko da ya ce laifin ɗan dilibari ne, muddin shi ya nemo shi ya aiko. Lamarin yana canzawa ne kawai in kai ka turo naka ɗan aiken ya karɓo: daga lokacin da aka ƙirga masa kaya ya ɗauka, sun fita daga wuyan mai kanti.

Me ya sa ma ake musanya kaya? Jerin da kake gani a waya ba shi ne kantar shagon ba. Wani ne yake shigar da shi, wataƙila da safe, wataƙila tun jiya. Kana danna galan na ƙarshe na man girki, wata mata da ta shigo kantin da ƙafarta ta riga ta saka shi a kwandonta. Mai tsinto kaya ya zo ya tarar babu, ga odoji biyar suna jiransa, ga mai babur a waje yana ta danna ham. Ko dai ya kira ka, ko ya cire abin, ko ya ɗauko wanda yake kusa da shi a kama. In ya kira sau ɗaya ba ka ɗauka ba, na ukun zai yi. A gidan abinci kuma, abin da aka fi mantawa shi ne wanda ba daga tukunya yake fitowa ba: lemo da ruwa suna firji, ƙarin nama yana wurin mai gashi, yaji da salak suna wani teburi. Da yammacin azumi, lokacin da odoji suke taruwa gab da shan ruwa, irin wannan mantuwar ta fi yawa.

Musanya ba ta zama dole

Ya kamata a bambanta abin da bai zo ba da abin da aka musanya. Na farko ba shi da gardama: ka biya, ba a kawo ba, a dawo da kuɗi. Na biyun ne yake da sarƙaƙiya, domin mai kanti yana ganin ya taimake ka ne, kai kuma kana ganin an ɗora maka abin da ba ka nema ba. Ƙa'idar ita ce musanya tayi ce, ba ciniki ba, har sai ka amince. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Malaman Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, kuma hukuncin shi ne in kaya sun zo yadda aka siffanta ciniki ya tabbata, in sun saɓa mai saye yana da zaɓi. Dokar ƙasa ma hanyar da ta bi ke nan. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da bai samu dubawa kafin a kawo ba, in ba su dace da abin da aka siffanta ba, matuƙar ya yi hakan cikin lokacin da ya dace, kuma a dawo masa da kuɗinsa. Rubutun nan da wasu suke liƙawa cewa ba a mayar da kuɗi bayan an biya, bai soke wannan haƙƙin ba.

A ƙasashen da wannan harka ta daɗe an tsara musanya tun kafin a fita da kaya. Manhajar Instacart ta Amurka tana ba mai saye zaɓi uku a kan kowane kaya: a ɗauko mafi kama da shi, ko a ɗauko wani takamaimai da ya ambata, ko a cire a mayar masa da kuɗi. Kantin Tesco na Birtaniya kuma an san shi da cewa in abin da aka musanya maka ya fi tsada, farashin wanda ka yi oda za ka biya, in ba ka so shi ba ka miƙa wa direba a ƙofa ya koma da shi. A nan gida ba kowane mai kanti ne yake da irin wannan tsarin ba, don haka kai za ka shimfiɗa naka. Kusan kowace manhaja tana da wurin rubuta wa mai kanti saƙo, a WhatsApp kuwa ba ka da iyaka. Layi ɗaya ya isa: in babu abu a kira ni, in ban ɗauka ba a cire shi, kada a musanya. Wannan layin shi ne babbar hujjarka daga baya, domin ya nuna an saɓa maka da gangan ko da sakaci.

Akwai kayan da ban ga dalilin yarda a musanya su ba ko kaɗan. Madarar jarirai tana da mataki gwargwadon watannin yaro, kuma gwangwanayen suna kama da juna ƙwarai. Mai ciwon sukari da ya yi odar abin sha marar sukari, in aka kawo mai sukari, abin ya wuce maganar kuɗi. Haka mai cutuwa da gyaɗa ko madara. Hausawan da suke zaune a Turai da Amurka suna da ƙarin abin lura: kaza mai tambarin halal in ta ƙare, mai tsinto kaya yana iya ɗauko wadda take gefenta, shi a ganinsa kaza kaza ce. Irin waɗannan a rubuta musu hani tun farko, a kuma karanta jikinsu kafin a buɗe.

Minti biyar na bakin ƙofa

Wasu manhajoji suna turo maka lamba ta sirri wadda za ka ba mai babur ya shigar a wayarsa, alamar kaya sun shiga hannunka. Kada ka karanta masa lambar ta waya tun yana hanya, ko da ya ce yana sauri. Daga lokacin da ta shiga, a wurin kamfani ka karɓi kaya. Ka bari sai leda ta zo hannunka, ka ce masa, Malam, don Allah ɗan dakata in duba. Yawancinsu za su tsaya in aka yi musu magana da mutunci, amma ka tuna kowace tafiya kuɗi ce a wurinsa, kada ka shanya shi rabin awa.

Abu na farko da za ka duba shi ne rasit ko takardar da aka liƙa a leda: sunanka ne, lambar odarka ce? In ba taka ba ce, kada ka buɗe, ka mayar masa nan take. Na biyu shi ne ƙullin leda da sitika. In a yage suke, ɗauki hoto kafin ka taɓa komai. Sannan ka buɗe odar a wayarka ka bi ta layi layi, kana taɓa kowane kaya da hannu. Ido yana ruɗin mutum in kaya sun yi yawa, musamman wajen girma: kwalbar lita ɗaya da wadda ba ta kai lita ba, ko ledar omo ta kilo da ta giram 800, daga nesa duk ɗaya suke. In akwai matsala, shimfiɗa duk abin da ya zo a tabarma ko teburi, ka ajiye rasit a gefe, ka ɗauki hoto guda wanda ya haɗa komai. Hoton abin da ya ɓata shi kaɗai ba ya tabbatar da cewa wani abu bai zo ba. Hoton duka kayan tare shi yake nuna giɓin. In za ka iya ɗaukar bidiyo tun daga kwance ledar, ya fi.

Abin awo yana da nasa hukuncin. Nama da kifi da kaza a ɗora su a sikeli nan take, a ɗauki hoton allon sikelin yana nuna nauyi. Daskararre kada a bari ya narke tukuna, domin in ƙanƙara ta tsiyaye nauyi zai ragu, mai kanti kuma zai ce daidai ya auna. Ragin giram hamsin a kilo biyu ba abin magana ba ne, yankan wuƙa ba ya zuwa cif. Ragin giram ɗari uku kuwa kuɗi ne. Wanda yake sayen hatsi da mudu ko tiya ta waya, ya tambayi na wace kasuwa ake nufi tun kafin ya biya, domin mudun wata kasuwa bai kai na wata ba, kuma a kan wannan gardamar babu hoton da zai raba ku. Inda za a iya, a yi cinikin da kilo.

Lissafin oda guda

Bari mu ɗauki misali, da farashin da na sa don sauƙin lissafi kawai. Wata uwargida ta yi cefanen naira 50,000 a manhaja, ban da kuɗin kawowa. A ciki akwai taliya biyar a kan 1,200 kowace ɗaya, galan ɗin man girki mai lita uku a kan 10,500, kiret ɗin ƙwai mai talatin a kan 6,000, da naman sa kilo biyu a kan 7,000 kilo. Shinkafa da madara da sauran sun zo daidai.

Taliya uku suka zo, biyu sun yi ɓatan dabo: 2,400 ke nan. Ƙwai shida sun fashe, kowane ƙwai ya tashi a 200, ya zama 1,200. Nama ya hau sikeli ya nuna kilo ɗaya da giram 700, saura giram 300, wato 2,100. Waɗannan ukun a bayyane suke.

Man girkin ne yake buƙatar a zauna a kansa. Galan ɗin ya ƙare, aka saka mata kwalabe biyu masu lita ɗaya ɗaya, waɗanda kantin yake sayarwa 3,800 kowace. Ta biya 10,500, an kawo mata kayan 7,600, saura 2,900. Da yawa ba sa ma lura da wannan, suna ganin mai dai ya zo. Amma akwai wani abu a ƙarƙashi: a galan ɗin da ta zaɓa, lita tana tashi 3,500 ne, a kwalba kuwa 3,800. Wato an rage mata lita guda, sauran biyun kuma an sayar mata da tsada. Tana da hanya biyu. Ko ta karɓi kwalaben ta nemi cikon 2,900, ko ta ƙi su gaba ɗaya ta nemi 10,500 ɗinta. In za ta ƙi, kada ta buɗe murfin ko ɗaya, domin abin da aka buɗe aka yi girki da shi an karɓe shi ke nan. A ce tana buƙatar man a daren ta karɓa: jimlar abin da take bi ya zama 8,600, kusan kashi ɗaya cikin shida na cefanen.

In da rangwame ta yi odar, lissafin zai ɗan sauka. Wadda aka yi wa ragin kashi goma cikin ɗari ba ta biya cikakken farashi ba, don haka abin da za a dawo mata shi ne 7,740, kuma wannan ba cuta ba ce. Kuɗin kawowa yawanci ba a mayar da shi in akasarin kaya sun iso. Amma in abin da bai zo ba ya ɓata odar gaba ɗaya, kamar tuwo ya zo babu miya, ko aka kawo odar wani, to a nemi duka har da na babur, ko a sake kawowa ba tare da ƙarin caji ba.

Yanzu sai kai ƙorafi. A manhaja, ka shiga jerin odojinka, wanda galibi aka rubuta `Orders`, ka buɗe wadda ake magana a kai, ka nemi `Help` ko `Support` daga cikinta. Shiga ta cikin odar ya fi shiga ta babban shafi, domin lambarta tana bin ƙorafin kai tsaye. Ka zaɓi kowane kaya da matsalarsa daban, ka ɗora hotuna. Wanda zai karanta yana da tarin irin saƙonka a gabansa, kuma da Turanci ake aikin, amma ba dogon Turanci ake buƙata ba: sunan kaya, adadin da ka yi oda, adadin da ya zo, kuɗin da kake bi. Wa'adin kai ƙorafi ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, yana rubuce a sharuɗɗansu, kuma na dafaffen abinci ya fi gajarta. Abin da ba ya ɓaci shi ne a yi a ranar, cikin awar farko in da hali.

In da mai kanti kake hulɗa kai tsaye, a rubuce za ka yi, ba kiran waya kaɗai ba, domin kira ba ya barin sawu. Ga irin yadda uwargidan nan za ta rubuta: Salamu alaikum Hajiya, barka da yamma. Saƙo ya iso, na gode. Sai dai taliya uku na gani maimakon biyar, ƙwai shida sun fashe, nama ya gaza da giram 300, mai kuma lita biyu ne maimakon uku. Ga hotuna. Na lissafa cikona naira 8,600. Don Allah a turo ta asusun da na biya, ko a kawo cikon gobe. Babu zagi, babu barazanar tona asiri a Facebook, kuma ba a bar wa Hajiya aikin lissafi ba. Ƙananan 'yan kasuwa da yawa da mutuncinsu suke ci, in aka ba su ƙofar gyara sukan gyara.

Kuɗi a hannu ko kuɗi a manhaja

Sau da yawa amsar farko da za a ba ka ita ce an zuba maka kuɗin a asusunka na cikin manhaja, wanda ake kira walet, ko an ba ka wata lamba ta rangwame. Wannan ya fi wa kamfani sauƙi, domin kuɗin ba su fita daga hannunsa ba, kuma dole ka dawo ka sake saye. Ga wanda yake oda kowane mako babu laifi, ya ma fi sauri, sau da yawa nan take yake shiga. Amma ka duba abu biyu. Shin kuɗin walet ne na gaske da za ka kashe yadda kake so, ko lambar rangwame ce mai wa'adi, wadda ba ta aiki sai ka sayi kayan wani adadi? Lambar 2,000 da ba ta aiki sai a odar 15,000, ba mayar da kuɗi ba ce, talla ce. Na biyu, kuɗi masu yawa ba sa kwana a walet. A Disambar 2023 Jumia Food da Bolt Food duka suka rufe harkar kai abinci a Najeriya, abin da ya nuna manhajar da kake amfani da ita yau tana iya naɗe tabarmarta gobe. In abin da kake bi yana da kauri, ka faɗa a fili cewa ta hanyar da ka biya kake so a dawo maka da shi. Na kati yakan ɗauki kwanakin aiki kafin alat ya shigo, saboda sai ya bi ta kamfanin da ya sarrafa biyan da kuma bankinka. Ka nemi a rubuta maka adadin da ranar da aka tura, ka ajiye hoton hirar.

Haka in mai kanti ya ce a bar cikon sai oda ta gaba. Yarda da hakan ba aibu ba ne tsakanin waɗanda suka saba, amma a rubuta adadin a cikin hirar, ya amsa da na'am. Bayan mako uku babu wanda zai tuna ko 8,600 ne ko 6,800.

In an ƙi ka fa, ko aka yi shiru? Ka sake rubutawa a kan ƙorafin farko, kada ka buɗe sabo, ka nemi a miƙa maganar ga na gaba. In da kati ka biya kuma kaya ba su zo ba sam, bankinka yana da hanyar ƙalubalantar cirar, za su nemi rasit da shaidar cewa ka fara neman kamfanin. Taransfa ba ta da wannan gatan: kuɗin da ka tura da hannunka zuwa asusun mutum, banki ba ya janyo su don kawai kaya sun gaza. Shi ya sa da sabon mai kantin da ba ka sani ba, ya fi kyau ka fara da ƙaramar oda, ko ku yi yarjejeniyar biya in kaya sun iso. Bayan wannan akwai FCCPC, wadda take karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet, jihar Kano ma tana da tata hukumar kare haƙƙin masu saye. Gaskiya ba kowa zai bi wannan hanyar a kan taliya biyu ba. Amma a kan buhun shinkafa da aka biya bai zo ba, ko cefanen biki, ko lalataccen abincin da zai iya kwantar da mutane, ya cancanci a bi, kuma hotunan da ka ɗauka a ranar su ne za a fara tambaya.

Akwai ɗaya gefen da bai kamata a yi shiru a kansa ba. Wasu sun mayar da ƙorafi sana'a, su cinye abinci tas su ce bai zo ba. Kamfanoni suna lura da asusun da ƙorafinsa ya yi yawa, suna iya daina biyansa ko su rufe shi. Mafi muni shi ne kuɗin da aka mayar bisa ƙarya ba daga iska suke fitowa ba: ko dai a cire wa mai girki, ko a ɗora wa mai babur, wanda wataƙila ya yi tafiya uku a rana mai zafi kafin ya haɗa su. Don haka in ka buɗe leda ka tarar da robar abinci da ba taka ba, ko an saka maka madara biyu alhali ɗaya ka biya, ta hanyar da za ka kai ƙorafi ta nan za ka sanar. A manhaja galibi ba sa karɓar dafaffen abinci ya koma, za su ce ka riƙe. Mai ƙaramin kanti kuwa zai aiko a karɓa, ko ya ce a haɗa a lissafin oda ta gaba.